Lambar da ke gindin roba da abin da take faɗa game da koko mai zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar koko da kunun gyaɗa da safe a nan Gwammaja, da rana kuma ina ɗura zoɓo a gora. An ce mini in riƙa duba gindin roba, idan na ga lamba 5 to babu matsala. Na duba bokitin fentin da nake zuba koko na ga 5, gorunan zoɓo kuma 1 ne, ledar da nake ƙulla wa masu saye kuwa babu komai a jikinta. Shin bokitin ya yi ke nan, gorunan ne ba su yi ba? Yaya ake karanta waɗannan alamomi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya ce miki ki duba lamba bai yi ƙarya ba, sai dai rabin magana ya ba ki, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafar bokitinki. A taƙaice, gorunan nan masu lamba 1 sun dace da zoɓo muddin ya huce kafin ki ɗura, bokitin fentin kuwa bai dace da koko ba duk da lamba 5 da ke gindinsa. Na yi shekaru ina aikin duba ingancin kaya a masana'antar roba a nan Kano, don haka zan bi miki maganar yadda muke bin ta a wurin aiki.

Ita lambar da ke cikin alama mai kusurwa uku ba a ƙirƙiro ta don masu abinci ba. Ƙungiyar masu masana'antun roba ta Amurka ce ta fito da ita a shekarar 1988, domin masu tara tsohuwar roba su iya ware kowane iri da ɗan'uwansa kafin a niƙa a sake narkarwa. Wato saƙo ne zuwa ga 'yan jari bola da masu injin niƙa, irin waɗanda kike gani suna ware gora daban, jarka daban, fasasshen bokiti daban. Abu ɗaya kawai take faɗa, shi ne irin robar da aka yi mazubin da ita. Ba ta faɗin ko robar sabuwa ce ko tsohuwa, ba ta faɗin irin kalar da aka zuba mata, ba ta kuma san abin da aka taɓa ajiyewa a cikin mazubin ba. Haka nan ba ta nufin adadin lokutan da za a iya amfani da mazubi, kamar yadda na sha jin ana cewa wai lamba 1 sau ɗaya, lamba 5 sau biyar. Wannan magana ba ta da tushe.

Kafin ki yarda cewa lambar da kika gani ita ce ta irin roba, ki tabbatar tana cikin kusurwa ukun nan, ko ta kibiyoyi masu bin juna ko ta layi miƙaƙƙe, kuma yawanci akwai haruffa a ƙarƙashinta, kamar PET ko HDPE ko PP. Dalili shi ne, a gindin roba akwai wasu lambobin da ba ruwansu da wannan. Injin da ke fitar da kofi takwas a bugu ɗaya yana da gurbi takwas, kuma kowane gurbi an sassaƙa masa lambarsa domin idan kaya ya fito da aibi mu san gurbin da ya lalace. Sai ki ga 5 ita kaɗai tsirara a gindin kofi, alhali ma'anarta gurbi na biyar. Akwai kuma ɗan da'ira mai kama da agogo, da kibiya a tsakiya da lambobi 1 zuwa 12 a kewaye, wannan watan da aka yi kayan yake nunawa, lambobi biyun da ke gefen kibiyar kuma shekara ce.

To idan kin tabbatar da lambar, amfaninta na gaskiya shi ne ta gaya miki yawan zafin da robar ke ɗauka, kuma a nan ne ya kamata ki san zafin abin da kike zubawa. Ruwa a Kano yana tafasa a wajen digiri 98, ƙasa kaɗan da 100 da ake koyarwa a makaranta, saboda garin yana kan tudu idan aka kwatanta da bakin teku. Kokon da aka dama yanzu da tafasasshen ruwa yana kusa da digiri 90, kuma saboda kaurinsa yakan daɗe bai sauko ba, musamman a cikin babban mazubi mai murfi. Man da ake suyar ƙosai kuwa ya wuce nan nesa, yana tsakanin digiri 170 da 190. Waɗannan ma'aunai uku su ne za ki riƙa gwada kowace roba da su.

Lamba 1, wato PET, ita ce gorar ruwa da ta lemo, kuma an yi ta ne musamman don abin sha, don haka ta fuskar dacewa da abinci babu abin zargi a kanta. Rauninta zafi ne. Tana fara laushi tun daga wajen digiri 70, kuma duk wadda ta taɓa zuba ruwan zafi a gora don ta wanke ta san yadda take ƙanƙancewa ta karkace nan take. Abin da ke faruwa shi ne, ita gorar daga wani ɗan ƙaramin bututu mai kauri aka hura ta da iska yana da ɗumi, aka miƙar da jikinta, sai aka sanyaya ta a haka, don haka da zarar ta sake jin zafi sai ta nemi komawa siffarta ta farko. Bayan lalacewar siffa, akwai wani sinadari mai suna antimoni da ake amfani da shi wajen haɗa wannan roba, wanda ɗan abin da ke fita daga cikinsa zuwa ruwa kaɗan ne ƙwarai a yanayin sanyi, amma yana ƙaruwa idan zafi ya yi yawa kuma aka daɗe. Shi ya sa ba a son barin gora a cikin mota rufaffiya da rana tsaka a watan Afrilu, inda zafin cikin motar kan haura digiri 60.

Ga zoɓonki ke nan, abin da za ki kiyaye shi ne lokacin ɗurawa. Idan kin sauke kin tace, ki bar shi a tukunya mai faɗin baki, ko ki ɗora tukunyar a cikin baho mai ruwan sanyi don ya yi saurin hucewa, kada ki ɗura sai kin iya riƙe jikin tukunyar da tafin hannu ba tare da kin ji ɗumi mai yawa ba. Babbar matsalar tsofaffin goruna a wurina ma ba ta sinadari ba ce, ta tsabta ce. Tunda ba ta ɗaukar ruwan zafi, ba za ki iya kashe ƙwayoyin cuta da tafasa ba, ga bakinta ƙarami hannu ba ya shiga, ga zaren murfi da ke ɓoye datti, ga shi kuma ba ki san bakin wanda ya sha a ciki ko abin da aka zuba mata ba kafin ta iso gare ki. Na ga gorar da aka sayar da fetur a cikinta, na ga wadda aka raba maganin kashe ƙwari a ciki. Idan jarinki zai ɗauka, sababbin goruna marasa tambari da ake sayarwa da murafensu sun fi. Idan kuwa tsofaffi za ki yi amfani da su, ki tattara daga gidajen da kika sani, ki wanke da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi da buroshin gora, ki kife su su bushe sarai, kuma duk wadda ta yi hazo ko ta karce ko take wari ki fitar da ita. Ki kuma cire takardar jikinta, domin lambar NAFDAC da ke kai shaida ce ta abin shan da kamfani ya ɗura, ba ta bin gorar zuwa ga zoɓon wani.

Yanzu sai bokitin. Lamba 5, wato PP, ita ce a cikin robobin yau da kullum ta fi jure zafi, domin ba ta narkewa sai wajen digiri 160, kuma tafasasshen ruwa ba ya canja mata siffa idan tana da kauri. Da ita ake yin yawancin robobin tekawe masu haske, da kofunan shayi na roba, da mazuban ajiye abinci masu murfi. Wannan ne asalin maganar da aka gaya miki, kuma ta fuskar zafi kaɗai daidai ce. Amma da PP ɗin nan dai ake yin kujera, da bahon wanki, da kwandon shara, da gidan batirin mota, da bokitin fenti. Dukkansu suna iya ɗaukar lamba 5 kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Abin da ya raba su shi ne abin da aka zuba a injin. Roba tana zuwa masana'anta ne a matsayin ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa. Akwai sabuwar ƙwaya wadda mai yin ta ya ba da takardar shaida cewa ta dace da abinci, akwai sabuwa da ba ta da wannan shaida, akwai kuma niƙaƙƙiyar tsohuwar roba da aka tsinto aka wanke aka sake narkarwa. A kan wannan ake ƙara kala, da sinadaran hana roba tsufa da rana, da garin alli don ƙara nauyi da rage kuɗi. Mai yin mazubin abinci dole ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kasance wanda aka yarda ya taɓa abinci. Mai yin bokitin fenti babu abin da ya wajabta masa haka, domin fenti zai zuba, kuma ba a ga laifinsa ba idan ya haɗa da tsohuwar roba.

Zan ba ki misali daga abin da na gani da idona. A wani wuri da na taɓa aiki, muna da ƙarfen zubi guda ɗaya na bokiti, an sassaƙa lamba 5 a cikinsa tun daga inda aka ƙero shi. Idan odar mai abinci ce sai a zuba sabuwar ƙwaya, bokiti ya fito fari tas. Idan na kasuwa ne mai araha sai a zuba niƙaƙƙiya a rufe ta da kala mai duhu. Duka biyun da lamba 5 suke fitowa, domin lambar a jikin ƙarfen take, shi kuwa ƙarfe bai san abin da aka zuba masa ba. Tun daga lokacin na daina ɗaukar alama a matsayin hujja ita kaɗai.

Ko da ma a ce bokitinki da sabuwar roba aka yi shi, tarihinsa ya riga ya hana shi. Roba ba kamar gilashi ko tangaran take ba, tana tsotsar wani abu daga abin da ya daɗe a cikinta. Kin san yadda miyar manja ke barin ja a jikin roba wanda ko da me kika wanke ba ya fita, kin kuma san jarkar da aka taɓa zuba kananzir ba ta rabuwa da warinsa. Fenti yakan yi watanni a cikin bokiti, kuma a cikinsa akwai magungunan da ke hana shi ruɓewa, da kaloli, wasu fentin mai ma har da dalma. Wanki yana cire abin da ke sama ne kawai. Abin da ya shige jikin robar kuwa, babu abin da ke fito da shi kamar zafi da maiƙo da tsami da daɗewa, kuma sana'arki ta haɗa su duka: koko yana da zafi da tsami, kunun gyaɗa yana da zafi da maiƙo, kuma sukan yi awa biyu ko uku a ciki kafin ki sayar. Ba ina cewa wanda ya sha kofi ɗaya zai kwanta ciwo ba ne. Abin da ke fita kaɗan ne a kowace rana, amma masu sayen kokon safe su ne su ne kullum, kuma da yawansu yara ne.

Wannan hukunci shi ne dai na shuɗin duro da na jarka, waɗanda lamba 2 ce a jikinsu, wato HDPE. Ita ma roba ce mai kyau da ake yin mazuban abinci da ita, tana narkewa a wajen digiri 130, tana ɗaukar ruwa mai ɗumi sosai, sai dai takan yi laushi idan aka cika ta da tafasasshe. Jarkar nan ruwan ɗorawa ta lita 25 da man girki ya zo a cikinta tun asali ta abinci ce, don haka ajiye ruwa ko mai a cikinta ba laifi idan an wanke. Amma akwai jarka da duro masu kama da ita sak da suka zo da sinadaran masana'antu, irin na jima da rini, ko maganin feshi na gona. Mazubin maganin feshi ƙa'idarsa ita ce a ɗauraye shi sau uku a huda shi don kada kowa ya sake amfani da shi, kuma a nan haɗarin ba na a hankali ba ne, yana iya zama guba nan take. Duk jarkar da ba ki san abin da ya zo a cikinta ba, ko kika ga ragowar takarda mai hoton ƙoƙon kai ko harshen wuta a cikin murabba'i mai jan baki, kada ta kusanci abinci.

To mece ce alamar da ke nuna an yi mazubi don abinci? Ita ce hoton kofin gilashi mai ƙafa tare da cokali mai yatsu a gefensa. Asalinta daga dokar ƙasashen Turai ce ta shekarar 1980, amma yanzu masana'antu a ƙasashe da yawa suna sa ta. Wani lokaci maimakon hoto sai a rubuta FOOD GRADE ko FOOD SAFE, kayan da suka zo daga Sin kuma sau da yawa za ki ga GB 4806 a takardar jikinsu, wato lambar ƙa'idarsu ta kayan da ke taɓa abinci. Sai dai wannan alama ma ba ta ce komai a kan zafi ba. Cewa take yi mazubin ya dace da abinci a irin amfanin da aka yi shi dominsa, don haka robar yogot tana iya ɗaukar ta alhali ba ta jure ruwan zafi.

Maganar zafi tana da nata alamomin. Mafi amfani ita ce inda aka rubuta ma'aunin kai tsaye, misali -20°C ~ 120°C, wato daga sanyin firiza har zuwa digiri 120. Idan lambar sama ta kai 100 ko ta wuce, kokonki zai iya shiga. Idan 70 ko 80 ce, to sai ya ɗan huce. Layuka masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa suna nufin ana iya ɗumama abinci a ciki a maikurowef, hoton ƙanƙara mai rassa shida na firiza ne, faranti da ɗigon ruwa a kansa kuma na injin wanke kwanuka ne. Ki riƙa duba murfi daban, domin sau da yawa ba da roba ɗaya aka yi shi da gangar jikin ba, kuma yakan fi ta rauni. Haka ma kular abinci: alamar da ke gindinta tana iya zama ta ɓawon waje ce kawai, alhali abin da ke taɓa abinci shi ne na ciki.

Akwai wani bambanci da masu gwaji ke yi wanda ya kamata ki sani, tsakanin zuba abu mai zafi da dafa abu a ciki. A ƙa'idar gwajin Turai, akan jiƙa roba a ruwa mai tsami da kuma mai don a auna abin da ke fita daga cikinta, kuma gwajin da ake yi wa mazubin zuba abu mai zafi shi ne awa biyu a digiri 70, wanda ake ɗauka ya wadatar har ga abin da ya kai digiri 100 na minti 15. Ma'ana, an ɗauka abincin zai shiga da zafi sannan ya yi ta hucewa. Ba a yi lissafin za a ɗora shi a wuta ya yi ta tafasa ba. Wannan ne ya sa dafa alala a leda ya fi ƙulla koko a leda nauyi, domin ita alala takan yi fiye da rabin awa a cikin tafasa, ga mai a cikinta.

Ledar ƙullawa da kike tambaya a kai, mai santsi da taushi yawanci lamba 4 ce, LDPE, irin ta fiya wata, mai ƙara idan an murza kuma HDPE ce siririya. Ta farkon tana narkewa tsakanin digiri 105 da 115, shi ya sa ba ta fashewa da koko, amma kin ga tazarar da ke tsakaninta da zafin kokon ba ta da yawa, kuma kina jin yadda take yin laushi tana miƙewa a hannu. Ita kanta wannan roba, idan sabuwa ce, tana cikin waɗanda ba su da yawan abin damuwa. Matsalar ita ce babu wata alama a jikin leda da za ta gaya miki ko sabuwa ce. Na san ba zai yiwu a ce mai koko ta daina ƙullawa gaba ɗaya ba, domin mai wucewa a babur ba zai zo da kofi ba. Abin da zai yiwu shi ne ki sayi fara mai haske ƙal wadda ba ta wari, ki bar kokon ya ɗan sauko kafin ki ƙulla maimakon daga damawa sai leda, ki kuma ƙarfafa wa maƙwabta su aiko da mazubinsu. Baƙar leda kuwa kada ta taɓa abinci kai tsaye, ko tuwo ne ko awara ko ƙosai, domin baƙar kala ita ce mafakar tsohuwar roba. Ƙosan da aka tsamo yanzu daga mai yana ɗauke da zafin da ya fi ƙarfin leda, har ma PP mai lamba 5 yana iya yi mata tabo, don haka ya fara sauka a matsami na ƙarfe ya tsane tukuna.

Sauran lambobin ba sai na daɗe a kansu ba, domin hukuncinsu ga abu mai zafi ɗaya ne. Lamba 3, PVC, ta bututun ruwa ce da tiyo da shimfiɗar ƙasa, kuma mai taushin cikinta tana ɗauke da sinadaran tausasawa da maiƙo ke jawowa. Lamba 6, PS, ita ce farin mazubin tekawe mara nauyi mai kama da soso, da kofuna da cokula masu karyewa ƙwas. Tana laushi a kusa da digiri 100 kuma mai yana cin ta, shi ya sa za ki ga gurbi a inda soyayyen nama mai zafi ya zauna. Jihar Legas ta hana amfani da irin mai soson a watan Janairun 2024, ko da yake babban dalilinta toshe magudanan ruwa ne. Lamba 7 kuwa tarkace ce, duk robar da ba ta shiga shidan farko ba nan ake jefa ta, don haka haruffan ƙasa ne abin dubawa. Idan PC ce, irin ta babbar gorar injin ruwan sanyi, tana jure zafi a siffa amma tana iya sakin sinadarin BPA idan ta ji zafi, kuma saboda haka Tarayyar Turai ta hana yin bulunbotin jarirai da ita tun 2011. Rubutun BPA FREE kuma cewa kawai yake yi babu wannan sinadari guda, bai ce mazubin yana ɗaukar zafi ba. Farantan melamin masu kama da tangaran da ake zuba wa yara abinci su ma ba a son abin da ya wuce digiri 70 ya daɗe a cikinsu, ba a kuma sa su a maikurowef.

Yawancin robar da za ki tarar a Ƙofar Wambai ko Sabon Gari ba ta da duk waɗannan alamomi, wata ma ko lamba babu, don haka dole ido da hanci su yi aiki. Ki ɗaga mazubin ki duba shi a rana. Sabuwar roba kalarta ɗaya ce ko'ina kuma haske yana ratsa ta daidai, niƙaƙƙiya kuwa za ki ga ɗigo-ɗigon baƙi, ko zane kamar na marmara, ko kala mai dusashewa. Ki buɗe murfin ki shaƙa: mazubin abinci bai kamata ya yi warin ƙonanniyar roba ko na sabulu ko na mai ba. Idan kin kai gida, ki zuba masa ruwan zafi ki rufe na minti goma, sannan ki shaƙa ruwan, ki kuma goga cikin da farin ƙyalle, idan wari ya tashi ko kala ta fito a ƙyallen to ya koma na wanki. Idan kina son sanin irin robar da babu lamba a jikinta, ki yanki ɗan guntu ki nutsa shi a kofin ruwa ki saki. PP da HDPE da LDPE suna tasowa sama domin sun fi ruwa rashin nauyi, PET da PVC da PC suna nutsewa. Idan kuwa an rubuta 5 amma guntun ya nutse, to an cika shi da garin alli, kuma irinsa ne ke saurin tsagewa. Wannan gwaji iri kawai yake nunawa, ba ya tabbatar da dacewa da abinci.

Game da abin da za ki maye gurbin bokitin fentin da shi, zaɓina na farko shi ne kula mai cikin ƙarfe mara tsatsa, domin tana riƙe zafi har ƙarshen ciniki kuma babu ruwanta da tsami ko maiƙo. Idan kuɗinta ya yi yawa a yanzu, ki nemi sabon farin bokiti mai kauri wanda ya haɗa lamba 5 da haruffan PP da alamar kofi da cokali mai yatsu, idan har da ma'aunin zafi a jiki to ya fi. Ƙasa da wannan akwai bokitin bota da masu gidan burodi ke sayarwa bayan sun juye, wanda tun asali na abinci ne kuma kin san abin da ya zauna a cikinsa, sai dai ki duba gindinsa ki tabbatar 5 ce, ki kuma tuna an yi shi ne don abu mai sanyi, don haka ki dama kokon a tukunyar ƙarfe ki bar shi minti goma zuwa sha biyar kafin ki juye. Ko wanne kika saya, ki riƙa wanke shi da soso mai taushi, ba da soson ƙarfe ko yashi ba, domin karce yana tara datti yana kuma buɗe jikin robar. Ranar da kika ga cikinsa ya yi fari-fari yana kaushi, ko ya fara tsagewa a bakin, ko ya daɗe a rana har yana barin gari a yatsa idan an shafa, to kwanansa na abinci ya ƙare, sai ya koma wajen wanki tare da na fentin.